Sunan Kawu a Jerin Hamsatu

Hamsatu Issoufou ƴar Lamorde ce, can ƙetaren kogin Yamai, amma asalin gidansu Damagaram. Mahaifinta tela ne. Ya zo Yamai da keken ɗinkinsa tun yana saurayi, ya kama shago kusa da jami'a yana ɗinka wa ɗalibai riguna, ya kuma rasu tana aji huɗu na firamare. Daga nan yayan mahaifiyarta, Kawu Boubacar, shi ya ɗauki nauyin karatunta. Sana'arsa fitar wa ƴan kasuwa da kaya daga duwan, wato kwastan, kayan da manyan motoci suke ɗaukowa daga tashar jiragen ruwa ta Kwatano a ƙasar Benin. Mutum ne dogo mai son ƙamshi da shadda, mai sakin hannu. Bai taɓa bari an kore ta daga lakwal, wato makaranta, saboda kuɗi ba, bai kuma taɓa yi mata gori ba.

Ta yi karatun sarrafa dukiya a jami'ar da take gani tun tana yarinya daga ƙofar shagon babanta. Da ta gama, ta yi shekara biyu tana koyon aiki a wani ofis a unguwar Filato, kullum ana ce mata ta ƙara haƙuri za a ɗauke ta. Abin da ta samu a can ba albashi ba ne, hannu ne. Ta ƙware da ordinata, wato kwamfuta, har manyan ofis suka koma kawo mata lissafinsu ta shirya musu. Tana da sauri, tana da tsabtar aiki, kuma ba ta iya cewa "to" a kan abin da ba ta yarda da shi ba, wanda watakila shi ya sa ɗaukar ba ta zo ba.

Kawu ne ya samo mata aikin da ta shahara da shi. Amininsa, Alhaji Abdoulkarim, mutumin Tawa, tsohon mai duba makarantu ne da ya yi ritaya ya buɗe lakwal mai zaman kanta a unguwar Kirkisoye, daga firamare har kwaleji, yara kusan ɗari biyar. A damanar da kogi ya fasa madatsa ya malale Lamorde da Kirkisoye, ruwa ya kwana a ofishin lakwal ɗin har kugun mutum. Kayun lissafi, littattafan da ake rubuta kuɗin yara a ciki, suka zama kunu. Mai riƙe da kuɗin, dattijo ne, ya ce ya gaji, ya koma garinsu. Sai Kawu ya ce wa Alhaji, "Ina da ɗiya. In ka ba ta wannan ofis, za ka yi barci."

Ranar da ta fara, ta tarar da layin iyaye. Wannan ya ce ya biya bara duka, amma ruwa ya tafi da resinsa, shaidar biyan. Wannan ta ce bashin da ake bin ta jikka goma ne, wato sefa dubu goma, ba talatin ba. Babu mai iya ƙaryata kowa. Hamsatu ta je ta sami Alhaji.

"Baba, na bara ya wuce. Ku yanke shi da kanku, wanda kuka yarda da maganarsa ku yarda, ku sa hannu. Amma daga bana ku ba ni ordinata ɗaya da na'urar buga takarda. Kowane yaro zan iya gaya muku abin da ya biya da abin da ya rage masa, ko tsakar rana kuka tambaye ni."

Alhaji ya dube ta ta saman gilashi, ya ce, "Boubacar ya ce kina da baki. Bari mu ga hannun."

Abin da ta gina ba wani abin mamaki ba ne ga wanda ya san aikin, amma ta gina shi da kyau. Shafi na farko sunayen yara ne, kowa da lambarsa, da ajinsa, da kuɗin shekararsa, da ragin da aka yi masa in akwai. Lambar ita ce ginshiƙi, domin a aji ɗaya kaɗai akwai Abdou Garba biyu, kuma a da an sha korar wanda ya biya a bar wanda bai biya ba. Shafi na biyu na biya ne. Duk kuɗin da ya shigo layi guda yake samu, da ranar, da lambar yaro, da adadi, da lambar resi. Resin yana fita kashi biyu, ɗaya na uba, ɗaya na lakwal, lambobin suna bin juna ba tsallake, kuma a ƙasansa an rubuta abin da ya rage. Shafi na uku shi yake tattara duk biyan da ke ɗauke da lambar yaro, ya cire daga kuɗinsa.

A nan ne ta raba abu biyu da aka saba haɗawa. Kuɗin lakwal kashi uku ake biyansa, Oktoba, Janairu da Maris. Wanda ya biya kashi na farko a Oktoba akwai saura a kansa, amma bai makara ba. Wanda ya makara shi ne wanda wa'adi ya wuce, abin da ya biya bai kai abin da ya kamata ya biya zuwa ranar ba. Ordinata tana duba kwanan wata, tana kwatanta biyun, duk yaron da ya gaza sai sunansa ya fito da kansa a jerin masu jinkiri, aji aji. Da uba ya cika kuɗin aka shigar da layinsa, sunan ya fita da kansa. Babu mai rubuta suna a jerin, babu mai goge shi.

Ta kafa ƙa'idoji kuma, ta tsaya a kansu. Ba a share layin biya. In an yi kuskure, sabon layi ake yi mai soke shi, a rubuta dalili. Kafin ta tashi kullum sai ta ƙirga kuɗin da ke akwati ya yi daidai da jimlar resin ranar, Alhaji ya gani ya sa hannu. Kuɗin da wani uba ya aiko daga Agadas ko Libiya ba da lambar yaro ba, gefe take ajiye shi har a gano na wa ne. Kowace Juma'a tana kwafe komai a ƴar kile, ƙaramar ma'ajiyar bayanai, ta kai gidan Alhaji, wanda yake kan tudu. Ragi ko ƙarin wa'adi kuwa, sai da takarda mai hannun Alhaji da na uban yaro, sannan ta shigar da sabon tsarin biya, jerin ya koma auna yaron da shi.

Wannan ta ƙarshe ita ta fi ba Alhaji wahala, domin shi mutum ne mai yin alkawari a ƙofar masallaci ya manta. Sau biyu sunan wanda ya yi wa alkawari yana fitowa, uba ya zo da fushi. A na biyun Hamsatu ta buga takardun ƙarin wa'adi guda ashirin, ta ninke su ta ba shi.

"Ku sa a aljihu, Baba. Ordinata ba ta zuwa masallaci. Abin da aka gaya mata shi ta sani."

Ya yi dariya har ya cire gilashi, ya kuma karɓa.

Cikin shekara uku lakwal ta canza. Malamai suka riƙa ɗaukar albashi a kan lokaci. Mushe Adamu, mai kula da tarbiyyar yara, wanda a da yake shiga aji yana kiran sunaye da ƙarfi, yanzu takarda yake miƙa wa yaro a rufe ya kai gida, bayan Hamsatu ta riga ta kira uban a waya. Iyaye suna ce mata Madam Hamsatu, wasu da ƙauna, wasu da ɗan tsoro. Ta yi aure, ta haihu, ta sayi ƙaramin babur da take bi da shi daga Lamorde zuwa Kirkisoye, da jakar ordinata a baya.

Sai aka rufe iyakar Benin. Manyan motoci suka tsaya, kaya suka daina zuwa, shinkafa ta yi tsada. Yawancin iyayen yaran lakwal direbobi ne da ƙananan ƴan kasuwa da masu aikin duwan. Kashi na farko ya shigo da ƙyar. Da wa'adin Janairu ya wuce, Hamsatu ta buɗe ordinata da safe ta ga jerin da ba ya wuce shafi ɗaya ya kai shafi biyar. Albashin malamai na wata biyu bai fita ba, har da nata. Malaman kwaleji, waɗanda awa ake biyansu, suka ce in wata ya ƙare ba a ba su komai ba, za su nemi wani wuri.

Alhaji ya tara iyaye a filin lakwal ya yi musu magana a fili. Ya ce ya san halin da ake ciki, ba ya son korar ɗan kowa. Duk wanda ba zai iya biya gaba ɗaya ba, ya zo su zauna, ya faɗi abin da zai iya kowane wata, ko jikka biyar ce, su sa hannu. Amma wanda ƙarshen wata ya yi bai biya ba, bai kuma zo ba, yaronsa zai zauna gida. Ya ce wannan doka ba ta san ɗan wane ba.

Iyaye suka riƙa zuwa, jerin ya riƙa raguwa. Sunaye uku ne Hamsatu take kallo kullum ba su motsa ba: Anisa Boubacar a ajin ƙarshe na kwaleji, wadda za ta zauna jarrabawar birbe a ƙarshen shekara, da ƙannenta biyu a firamare. Kawu ya biya kashi na farko, jikka ɗari da goma. Na biyu bai zo ba. Ta san dalili, duk dangi sun sani. Wata shida bai fitar da kaya ko na mota ɗaya ba, ya sallami yaran ofishinsa, amma har yanzu yana fita da shadda da turare kamar ba abin da ya faru.

Ta kira shi a waya, ya ce zai shigo. Ya zo ranar Laraba bayan an tashi yara, ya zauna a kujerar da ke gabanta, ya tambayi lafiyar maigidanta da ta jariri. Sannan ya ce:

"Ɗiyata, an ce sunana yana cikin takardarku."

"Yana ciki, Kawu. Na kashi na biyu ne."

"To, ki cire shi. Da hanya ta buɗe zan kawo duka, har da na Maris."

"Ba ni nake sa shi ba, Kawu, ba ni kuma nake cire shi ba. Ko na goge shi a takarda, gobe in na buga sabuwa zai dawo."

"Na'ura ce fa. Ke kike gaya mata abin da za ta yi."

"Haka ne. Abu biyu take ji. Ko kuɗi su shigo in ba da resi, ko ku sa hannu ku da Baba a kan sabon wa'adi. Ga takardar nan. Ofishinsa ga shi nan kusa, yana ciki ma yanzu."

Kawu ya dubi takardar bai taɓa ta ba.

"Ni zan je in zauna gaban Abdoulkarim in ce masa ba ni da jikka ɗari? Ni da na ba shi bashin siminti da ya gina ajin nan na kwaleji? Ki rubuta na biya. Tsakanina da ke ne. Kin san ba zan ci kuɗin ba."

Hamsatu ta san ba zai ci ba. Ta kuma san hanyoyin da za ta iya bi, domin ita ta gina abin. Tana iya shigar da biyan da ba a yi ba, amma da yamma akwati zai gaza jimlar resi da jikka ɗari da goma, kuma Alhaji zai sa hannu a kan ƙarya. Tana iya matsar da wa'adinsa a ɓoye ba takarda, babu wanda zai lura. Amma a safiyar ranar wata mai sayar da ƙosai ta zauna a kan kujerar nan ta dangwala yatsa a kan jikka uku duk wata, tana ta ba da haƙuri. Kuma da jerin nan ne Hamsatu take gaya wa malamai nawa ake sa ran zai shigo. In layi ɗaya ya zama na alfarma, ita kanta ba za ta ƙara yarda da sauran ba.

"Kawu, duk abin da na zama ku ne. In da albashina ya fito, da na zuba muku shi a nan ba tare da kun sani ba. Amma ba zan rubuta abin da bai faru ba. Ku bari in raka ku wurin Baba. Minti biyar ne."

Ya tashi ya gyara hularsa.

"Na gode, Madam," ya ce, ya fita. Bai taɓa kiran ta da wannan suna ba.

Kafin ta isa gida labari ya riga ta. Ta biya ta gidan mahaifiyarta ɗaukar jariri, ta tarar Inna ta haɗe rai.

"Hamsatu, yayana kika kunyata? Wanda ya saya miki kayen rubutu na farko da na ƙarshe?"

"Ban kunyata shi ba, Inna. Daga ni sai shi a ofis."

"Ya ce kin miƙa masa takarda kamar baƙo. Me zai ragu a jikinki in kin danna abin nan sunan ya ɓace?"

"Aikina zai ragu. Shi ya kai ni wurin ya ce wa Baba ya yarda da ni. In na yi wannan, maganarsa na ƙaryata."

"Ke dai kin iya zance," in ji Inna. Ta miƙa mata jaririn ba ta ƙara kallon ta ba.

Washegari Hamsatu ta gaya wa Alhaji komai, domin ba ta son ya ji a wani wuri. Sai ya ce ta kawo takarda ya yafe wa Boubacar kuɗin shekarar baki ɗaya, lakwal tasa ce.

"Kuna da iko, Baba. In kun sa hannu yanzu zan shigar. Amma ku kuka tsaya a fili kuka ce doka ba ta san ɗan wane ba, kuma Mushe Adamu da malamai sun ga jerin. Sannan kun san Kawu. In ya ji an yafe masa kamar maraya, ba zai ƙara taka ƙofar nan ba."

"To me kike so in yi?"

"Ku je gidansa. Shi ba zai zo ba."

Alhaji ya je, har sau biyu. Duka biyun aka ce Kawu ya fita, alhali motarsa tana ƙofar gida.

Wata ya ƙare. Ranar Litinin Hamsatu ta buga jerin, ya koma shafi ɗaya da rabi, sunayen uku suna ciki. Ta miƙa wa Mushe Adamu da hannunta. Ya duba, ya ɗago kai.

"Madam, har da waɗannan?"

"Har da su."

Ta taga ta ga Anisa ta fito daga aji da jakarta, ta je ta kamo hannun ƙannenta, suka nufi ƙofa. Yarinyar ba ta dubi ofishin ba. Hamsatu ta ci gaba da buga resin mutumin da ke gabanta, ta ƙirga masa canjinsa daidai, amma da ya fita sai da ta rufe ƙofa ta zauna na ɗan lokaci. Ba ta yi shakkar abin da ta yi ba. Zafinsa ne dai bai ragu ba don ta yi daidai.

Ba ta tsaya nan ba. Da yamma ta bi malaman ajin Anisa ta karɓi darussan ranar, ta hau babur ta kai gidan Kawu. Matarsa Halimatou ta karɓe ta a tsakar gida. Kawu yana ɗaki, bai fito ba. Haka ta riƙa yi kullum har mako ya zagayo, tana gaishe shi daga bakin ƙofa da ƙarfi, "Kawu, ina wuni," tana jin shiru, tana ajiye takardu ta tafi.

Anisa ce ta karya shirun. Halimatou ta ba Hamsatu labari daga baya. Yarinyar ta shiga ɗakin babanta ta durƙusa ta ce, in ba za ta koma ba a gaya mata, ta daina wahalar karatu, ta fara bin mamanta kasuwa. Ba kuka ta yi ba, tambaya ta yi. 

Ranar Talata da hantsi sai ga shi a lakwal, a bayan babur ɗin kabu-kabu. Ya sayar da motar, mafi yawan kuɗin ya tafi ga bashin hayar ofis da haƙƙin yaran da ya sallama. Ya wuce ofishin Hamsatu kai tsaye zuwa na Alhaji. Sun jima a ciki. Ta ji muryoyi sun tashi, ta ji sun sauka, daga baya ta ji dariyar Alhaji. Sannan aka kira ta.

"Zauna, Hamsatu," in ji Alhaji. "Kawunki ya ƙi ragi, ya ƙi yafiya. Na ce ko rabi, ya ce ko dala. Ga abin da yake so."

Kawu ya yi magana yana kallon tebur. Ƙananan biyu zai mai da su lakwal ɗin gwamnati ta unguwarsu, ya riga ya yi magana da darakta, sai abin da Allah ya yi. Anisa za ta ƙarasa shekararta a nan. Yana so a gaya masa gaskiyar abin da ke kansa.

Hamsatu ta ɗauko ordinata ta juya masa fuskar na'urar. Ƙananan biyu, kashi na biyu ya riga ya hau kansu, jikka sittin, amma tunda za su fita, na Maris ya faɗi. Anisa jikka hamsin na Janairu, hamsin na Maris. Duka jikka ɗari da sittin.

"Ashirin duk wata," in ji Kawu. "Daga yau."

"Zai kai ku Satumba, Kawu."

"Na iya lissafi."

Ta cika takardar, su biyu suka sa hannu. Ya zaro jikka ashirin ya ajiye. Ta tambaye shi a kan wa za a fara sa su, ya ce a kan ƙananan, kada sunan bashi ya daɗe a kansu bayan sun bar lakwal. Ta shigar da sabon tsarin a kan yaran uku, ta shigar da biyan, na'ura ta fitar da resi. Da ta koma shafin jerin, sunayen ba sa nan. Kawu ya sa hannu a aljihu ya ɗauko gilashi, ya matso ya duba da kansa, daga sama har ƙasa.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Kawu. In wata ya wuce ba ku kawo ba, zai dawo."

"Ba zai dawo ba," ya ce.

Anisa ta koma aji washegari. Da kuɗin da iyaye suka riƙa kawowa kaɗan kaɗan, Hamsatu ta tsara wa Alhaji biyan malamai rabi rabi, tana nuna musu abin da ake sa ran zai shigo kowane wata bisa takardun da aka sa wa hannu. Malami ɗaya ya tafi, sauran suka tsaya. Kafin hutun ƙarshen shekara an biya kowa, ita ce ta ƙarshe da ta ɗauki nata.

Tsakaninta da Kawu kuwa abin bai warke da wuri ba. Da ƙaramar Salla ta je gaisuwa, ya amsa a taƙaice ya ci gaba da magana da baƙi. Inna ta yi wata biyu tana yi mata magana ciki ciki. Kuɗin wata wata Halimatou yake bai wa ta kawo, ba ta taɓa makara ba. Kawu ya koma shigo da kaya ta hanyar Lome, tafiya mai nisa da tsada, riba kaɗan, amma aiki ne. Anisa ta ci birbe. Ƙananan biyu suna lakwal ɗin gwamnati har yanzu, a aji mai yara fiye da tamanin, kuma Hamsatu ba ta taɓa cewa wannan ba hasara ba ce.

Biyan ƙarshe shi ya kawo da kansa, a Satumba, ana tsakiyar rajistar sabuwar shekara. Ya bi layi kamar kowa, ya ƙi kujerar da Mushe Adamu ya kawo masa. Da ya iso gabanta ya ajiye kuɗin, ta buga resi, a ƙasansa an rubuta saura babu. Ya ninke shi ya sa a aljihu. Sannan ya ce akwai wata ƙungiyar masu fitar da kaya da suka haɗa, su goma sha biyu, kowa yana zuba kuɗi duk wata, kuma lissafin ya fara rikicewa, ana ta gardama a kan wanda ya zuba da wanda bai zuba ba.

"Na ce musu ina da ɗiya," ya ce, yana kallon wani wuri. "In kina da lokaci ranar Asabar."

"Ina da shi, Kawu. Amma ku gaya musu tun yanzu, duk wanda bai zuba ba sunansa zai fito."

"Na gaya musu. Shi ya sa biyu suka ce ba su yarda ba."

Ranar Asabar ta ɗaura jaririnta a baya, ta rataya jakar ordinata a gaba, ta haye gada zuwa cikin gari. Ta tarar da su a ƙarƙashin rumfa suna shan shayi, har da biyun da suka ce ba su yarda ba. Ta gaishe su, ta nemi tebur da wurin sa wuta, ta ce kowa ya faɗi cikakken sunansa, za ta ba shi lamba.